Tsarin shekara biyar ga wanda bai zaɓi hanya ba tukuna

Tambaya: Malam, shekarata 23, bara na kammala digiri a fannin kimiyyar sinadarai, yanzu ina koyarwa a wata makarantar sakandare don kada in zauna haka nan. Wata rana in ji ina son aikin ɗakin gwaji a masana'anta, wata rana in ce gara in koma digiri na biyu, wata rana kuma nazarin bayanai da kwamfuta ya ja hankalina. Kowa cewa yake in yi tsarin shekara biyar, to yaya zan tsara alhali ban san inda na dosa ba?

Amsa: Ƙanina, tsarin da ya dace da kai ya sha bamban da na wanda ya riga ya tsai da shawara. Shi wancan matakan hawa yake rubutawa, domin ya san tsanin da zai hau. Kai kuwa abin da za ka rubuta shi ne ranar da za ka yanke shawara, da hujjar da za ka dogara da ita a ranar, da aikin da zai samar maka da wannan hujja kafin ranar ta zo. Shekarar farko ta gwaji ce, ta biyu ta shiga ce, sauran ukun kuma na kafuwa ne. Masanin nan Donald Super, wanda ya yi fice wajen nazarin yadda mutane ke girma a cikin sana'a tun cikin shekarun 1950, ya ɗauki tsakanin shekara 15 zuwa 24 a matsayin lokacin lalube, kafuwa kuma daga 25 zuwa 44. Wato ruwan idon da kake ciki ya zo a kan lokacinsa. Abin da ke cutar da matasa shi ne laluben da ba a sa masa wa'adi ba, wanda sai mutum ya farga ya ga shekara huɗu ta shuɗe yana nan yana auna hanyoyin nan uku a zuciyarsa, bai taka ko ɗaya ba.

Kada ka ba shekarun nan biyar rubutu daidai wa daida. Shekarar farko ta cancanci shafi biyu, a tsara ta mako mako. Ta biyu rabin shafi ya ishe ta, a raba ta wata uku uku. Ta uku zuwa ta biyar kuwa layi biyu ko uku kowace, da fensir. Na koyi wannan ne daga kuskuren kaina. A farkon aikina na zauna da wata ɗaliba muka cika shafi takwas, har watan da za ta sami ƙarin girma a shekara ta huɗu sai da muka rubuta. Bayan wata bakwai ta gano cewa ba ta son aikin da muka ɗora komai a kansa, kuma saboda ƙawar takardar da wahalar da muka sha wajen rubuta ta, ta ƙara kusan shekara guda tana jin nauyin gaya mini. Laifina ne, domin na sa ta yi alkawari dalla-dalla a kan abin da ba ta ɗanɗana ba.

Kafin mu shiga shekarun, sai ka san yadda ake rubuta zango, wato abin da za ka ce ka cimma a ƙarshen wani lokaci. Zangon kirki yana da rana, yana da shaidar da wani zai iya gani da idonsa, sannan yana hannunka. "Zan ƙware a kwamfuta" ba shi da rana kuma ba shi da shaida. "Zan sami aiki a masana'anta kafin watan shida" yana da rana, amma hukuncin ɗaukar aiki yana hannun wani, don haka idan abin bai yiwu ba ba za ka san ko kai ka gaza ko kasuwa ce ta tsaya ba. "Kafin ƙarshen watan uku zan rubuta rahoto mai shafi huɗu a kan bayanan da na tace da kaina, kuma mutum biyu masu wannan aiki za su duba shi" ya cika sharuɗɗan uku. Edwin Locke da Gary Latham, waɗanda suka shafe shekaru da dama suna bincike a kan kafa buri, sun nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi "zan yi iya ƙoƙarina" fitar da aiki. Amma binciken Latham da abokan aikinsa ya ƙara da wani abu da ya shafe ka kai tsaye: idan aikin sabo ne ga mutum kuma mai sarƙaƙiya, burin koyo ya fi burin sakamako amfani. Saboda haka zangunan shekararka ta farko duk na koyo ne.

Yanzu ka ƙirga lokacinka da gaskiya. Mai koyarwa da ke shirya darasi yana duba takardun ɗalibai da wuya ya ware fiye da awa goma a mako ya kuma ɗore a kai. Awa goma a mako har mako goma sha biyu ya kama awa 120, kuma wannan shi ne tsawon gwaji ɗaya. Gwaji uku mako 36 ke nan. Ka sa mako huɗu a farko don tambaye-tambaye, mako huɗu a ƙarshe don yanke shawara, sai mako takwas su saura. Kada ka cusa musu komai, domin lokacin jarrabawar ɗalibanka da rashin lafiya da lamuran gida za su cinye su. A 1994 Roger Buehler da abokansa sun tambayi ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa ya rage musu su gama kundin bincikensu. Matsakaicin hasashensu kusan kwana 34 ne, kuma da aka ce su ƙaddara komai ya dagule sai suka ce kusan 49, amma a zahiri sai da suka kwashe fiye da kwana 55. Ka lura, ko mummunan zatonsu bai kai gaskiya ba. Don haka duk aikin da ka ce zai ɗauke ka mako huɗu, ka ba shi shida a takarda.

A mako huɗun farko aiki biyu ne a gabanka. Na farko, ka tara tallan neman ma'aikata guda ashirin a kowace hanya, na matakin farawa, ka karanta su da biro a hannu kana ƙirga abin da ke maimaituwa. Idan goma sha huɗu cikin ashirin na aikin nazarin bayanai sun ambaci Excel da SQL, kayan aikin sarrafa bayanai a kwamfuta, ka san abin da za ka fara koyo ba tare da mai sayar da kwas ya gaya maka ba. Idan biyu kaɗai cikin ashirin na ɗakin gwaji suka nemi digiri na biyu, ka sami amsar wata tambayar tun kafin ka kashe ko sisi. Na biyu, ka yi hira da mutum biyar a kowace hanya, waɗanda suka yi shekara uku zuwa bakwai a aikin, domin wanda ya yi shekara ashirin ya manta yadda ƙofar shiga take, kuma ƙofar ma ta sauya. Minti ashirin ya isa. Kada ka tambaye su ko aikin yana da kyau, don kowa zai ce yana da kyau. Ka ce su ba ka labarin ranar aikinsu ta jiya tun daga safe har tashi, ka tambayi abin da ya fi gundurar su, ka tambayi yadda aka yi suka sami aikinsu na farko, sannan ka roƙi sunan mutum ɗaya da za ka gani bayansu.

Wannan roƙo na ƙarshe shi ne mafi tsada a cikin hirar. Mark Granovetter ya wallafa bincike a 1973 a kan ma'aikata a wani gari kusa da Boston a Amurka, inda ya gano cewa cikin waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani, kusan kashi 17 cikin ɗari ne kawai suke yawan haɗuwa da mutumin, sauran duk jefi-jefi suke ganinsa ko da ƙyar. Dalilin a fili yake: aminanka abin da ka sani su ma shi suka sani, labarin da bai zo kunnenka ba yana wurin wanda ke zaune a wata da'ira dabam. Mutum goma sha biyar ɗin nan, idan ka riƙa sanar da su inda ka kai sau biyu a shekara, su ne za su tuna da kai a shekara ta biyu.

Sai gwaje-gwajen, kuma ƙa'idarsu ita ce ka yi aikin da kansa, ko da ɗan guntunsa ne, domin gani ya kori ji. Kallon darussa a waya ba gwaji ba ne, saboda koyon abu yana da daɗin da yin sa kullum ba shi da shi. Ka kuma yi su ɗaya bayan ɗaya, tun da ba a tauna taura biyu. A nazarin bayanai kana da kayan aiki a hannunka. Ka nemi izinin shugaban makarantarku ka ɗauki sakamakon jarrabawar shekara uku, ka cire sunayen yaran, ka yi tambaya guda, misali ko makin gwajin tsakiyar zangon karatu yana nuna wanda zai faɗi a ƙarshen shekara. Mako huɗu ka koyi abin da ake bukata, shida ka yi aikin, biyu ka rubuta. Za ka tarar an rubuta aji ɗaya da salo uku, an bar gurabe babu maki, an sa wa wani yaro 78 a inda iyakar maki 40 ne, kuma za ka kwana biyar kana gyaran irin wannan kafin ka zana jadawali ko ɗaya. Wannan gyaran shi ne mafi yawan aikin masu wannan sana'a. Idan ka ga dare ya yi nisa kana bin diddigin 78 ɗin nan ba ka sani ba, ka rubuta. Idan ka ga kana neman uzurin tashi, shi ma ka rubuta.

Gwajin ɗakin gwaji ka ɗora shi a kan dogon hutun makaranta, domin yana bukatar jikinka a wurin. Ka roƙi mako uku ko huɗu a matsayin mai neman sanin makamar aiki, a sashen tabbatar da ingancin kaya na wata masana'anta, ko wurin gwajin ruwan sha, ko ɗakin gwajin jami'a. Abin da za ka gani ba irin na ajin digiri ba ne. Gwaji ɗaya ake maimaitawa sau da yawa a rana bisa rubutacciyar ƙa'ida da ba a yarda ka kauce mata ba, ana daidaita ma'auni kowace safiya, ana rubuta kowace lamba a sa hannu da kwanan wata, kuma a wurare da yawa akwai aikin dare. Wata rana sakamakonka zai ce kaya ba su kai ba, alhali shugaban sashen sarrafawa yana tsaye a kanka yana jira ka sake su. Akwai masu samun natsuwa a wannan tsari, akwai waɗanda yake shaƙe su, kuma ba ka isa ka san ko wanne ne kai ba sai ka tsaya a wurin.

Digiri na biyu kuwa ina so ka cire shi daga sahun sana'o'i, domin hanya ce ta zuwa wata sana'a. Tambayar ita ce wane aiki kake so wanda ba a shigarsa sai da shi. Idan koyarwa a jami'a ko bincike ne, to gwajinka shi ne ka karanta maƙalu goma a kan batu ɗaya ƙarami, ka rubuta shawarar bincike mai shafi biyu, ka kai wa wani malaminka ya yi mata gyara ba sani ba sabo. Idan ka kasa ambatar aikin da digirin zai buɗe maka, ina jin tsoron cewa abin da ke jan ka shi ne komawa inda ka saba, inda ake ba ka manhaja a gaya maka ranar jarrabawa. Na ga mutane da yawa sun fito bayan shekara biyu da sabuwar takarda da tsohon ruɗaninsu.

Duk tsawon wannan lokaci ka riƙe ƙaramin littafi. Kowane ƙarshen mako ka rubuta awa nawa ka yi da gaske, ka ba kanka maki daga 1 zuwa 5 a kan yadda ka ji bayan ka tashi daga aikin, ka kuma rubuta abu ɗaya da wani masani ya faɗa game da aikinka. Amfanin littafin shi ne, a ranar yanke shawara zuciya takan fifita gwajin da ta yi na baya-bayan nan, ko wanda aka fi yaba mata a kai, littafin ne zai tuna maka da makon biyar na gwajin farko. Adadin awannin ma shaida ne mai ƙarfi: idan a wata hanya kana yin goma sha uku ba tare da an sa ka ba, a wata kuma da ƙyar kake kai huɗu, ka sami rabin amsarka.

Ranar yanke shawara ka rubuta ta tun yau, a cikin wata na goma sha biyu, ka kuma gaya wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa. A ranar tambaya uku za ka yi wa kowace hanya: shin na jure wa ɓangarenta mai gundura, shin wanda ya san aikin ya ce ina da hannu, kuma shin akwai ƙofar shiga da zan iya kaiwa cikin shekara guda da abin da nake da shi. Idan biyu suka yi kunnen doki, ka ɗauki wadda ta fi sauƙin fita daga cikinta zuwa ɗayar. A naka lamarin, wanda ya yi shekara biyu a ɗakin gwaji yana hulɗa da lambobi kullum zai iya karkata zuwa nazarin bayanai, amma wanda ya yi shekara huɗu bai taɓa kayan gwaji ba komawarsa ta fi wuya. Idan kuma duk ukun suka faɗi, ka ƙara wa kanka wata shida da gwaji biyu sababbi, sau ɗaya tak. Kada ka manta da koyarwar da kake yi, ita ma ka ba ta maki a littafin, domin gwaji ne da ka fi daɗewa a cikinsa.

Mu ƙaddara ɗakin gwaji ya yi nasara. Shekara ta biyu ta neman shiga ce, kuma zangunanta su ne waɗanda ke hannunka. Wata ukun farko ka sake rubuta takardar bayaninka da kalmomin da ka ƙirgo a tallan nan ashirin, ka karanta abin da ƙa'idar ISO/IEC 17025 ta tanada game da ɗakunan gwaji har ka iya bayaninsa da bakinka, ka koma wurin mutanenka biyar ka gaya musu ka zaɓa. Daga nan ka aika takardar nema biyu a mako, kowace an gyara ta don wurin da za ta. Lambobin nan za su nuna maka inda ciwon yake. Idan ka aika talatin ba a kira ka ganawa ko sau ɗaya ba, matsalar tana takardar ko kana neman matakin da ya fi ƙarfinka. Idan an kira ka sau biyar ba a ɗauke ka ba, takardar ta yi aikinta, sai ka nemi wanda zai zauna ya yi maka tambayoyin ganawa ya gaya maka inda kake tuntuɓe. Kada ka ajiye koyarwa sai takardar ɗauka ta shigo hannunka, kuma daga albashin farko na wannan shekara ka fara tara abin da zai riƙe ka wata uku, ka nufi wata shida kafin shekara ta uku ta ƙare. Wanda ba shi da ajiya duk aikin da ya zo shi zai karɓa, tsarinsa kuma ya tashi a banza.

Shekaru ukun ƙarshe ga yadda zan rubuta su da fensir. A ta uku, ka iya gudanar da manyan na'urori biyu na wurin ba tare da an tsaya a kanka ba, kuma ka halarci binciken inganci ɗaya daga farko har ƙarshe. A ta huɗu, ka ɗauki nauyin wani abu da sunanka, kamar gyara wata ƙa'idar gwaji ko horar da sabon ma'aikaci, kuma a nan ne za ka sake buɗe maganar digiri na biyu, domin yanzu ka san ko rashinsa ne ya tare maka gaba, ka kuma san fannin da za ka yi shi. A ta biyar, ka nemi matakin kula da sashe, a wurinku ko a wani wuri. Ban sa maka sunan muƙami ko adadin albashi ba da gangan, saboda abin da ka iya shi ne kake da iko a kansa, kuma shi ne zai bi ka idan kamfanin ya rufe.

Tsarin yana bukatar dubawa: awa ɗaya kowane wata uku, yini guda kowace shekara, inda za ka maida shekarar da ke tafe ta zama mai shafi biyu ka ƙara wata sabuwa a ƙarshe. Akwai alamomin da ke nuna ya fara lalacewa. Idan zango ɗaya ya tsallaka dubawa biyu a jere ba a taɓa shi ba, ko dai ya yi girma a raba shi, ko kuma ba ka son sa, ka faɗa wa kanka gaskiya ka soke shi. Idan takardun shaidar kwas suna ƙaruwa amma babu aiki ɗaya da za ka nuna, ka koma tara karatu don gudun gwaji. Idan kuma sha'awar sauya hanya ta taso maka, ka duba me ya tayar da ita. Sauyin da ya zo daga abin da ka gani a aikin, wanda littafinka ya nuna wata bayan wata, abin saurara ne. Wanda ya zo daga ganin abokin karatunka ya sayi mota, ko daga mako guda na saɓani da shugabanka, ka rubuta shi ka ajiye har ranar dubawa ta gaba, ka ga ko yana nan. Idan dama ta faɗo wadda ba ta cikin takardar, kamar wani cikin mutanenka ya kira ka aiki a wata na bakwai, ka yi mata tambayoyin nan uku na ranar yanke shawara, in ta amsa su ka karɓa, sannan ka sake rubuta shafi biyun daga ranar da ka fara aikin.